Na karanta alƙaluman hukuma a rediyo, Kawu ya ce na yi ƙarya

Assalamu alaikum Baba. Ina gabatar da shirin manoma a wani gidan rediyo a Birnin Kebbi, ni nake rubuta takardar shirin da kaina. Da rahoton watan Janairun 2025 ya fito, ga abin da na karanta: "Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta sauka daga kashi 34.80 a watan Disambar 2024 zuwa kashi 24.48 a watan Janairun 2025, yayin da ta kayan abinci ta sauka daga kashi 39.84 zuwa kashi 26.08." Ban ƙara ko wasali ba a kan abin da hukumar ta fitar. Da yamma sai ga wayar ƙanen mahaifiyata daga Argungu, yana cewa, "Ke ma kin shiga layin masu yi muna ƙarya? A wace kasuwa kaya suka sauka?" Masu kiran waya a shirin ma haka suka yi ta faɗa. Tun daga ranar, da na ga lamba a takarda sai gabana ya faɗi, na karanta ta da sauri na wuce. Furodusa ya ce ko dai na gyara, ko a ba wani sashen rahoton kasuwa. Yaya zan yi?

Ɗiyarka, daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Ba ki yi ƙarya ba, kuma Kawu bai yi miki ƙazafi ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ya maimaita miki. Ɗauki takardar nan ki karanta jimlar da ƙarfi, ki ƙirga lambobin da ke ciki. Kaso huɗu ne, kowanne da ɗigo da lamba biyu a bayansa, ga shekaru biyu, duka a numfashi ɗaya. Mai karanta jarida idan ya ruɗe sai ya mayar da ido baya. Kawu kuwa yana bakin fadama, wataƙila injin ban ruwa na ruri a gefensa, rediyo na rataye a reshe, kuma sau ɗaya tak zai ji maganar. Lambobin sun bi iska, abin da ya tsaya masa kalmomi biyu ne da ya riga ya sani, "farashi" da "sauka". Kin kuma faɗi "sauka" har sau biyu. Ya haɗa su ya sami labari, labarin ya saɓa wa abin da aljihunsa ya gaya masa ranar kasuwa, sai ya ɗauki waya.

Kafin a zo ga yadda ake faɗin lamba, sai mai rubutu ya san abin da lambar take aunawa, har ya iya gaya wa kakarsa ba tare da takarda ba. Kashi 24.48 ɗin nan ba farashi ba ne. Yawan ƙarin da kaya suka yi ne tsakanin Janairun 2024 da Janairun 2025. Mutanen fadama sun fi kowa sanin wannan bambanci. Idan gulbi ya kawo ruwa, jiya ya ci taku uku na gona, yau ya ci taku biyu, babu manomin da zai ce ruwa ya janye. Yana nan yana ci, saurin cin ne ya ragu. Saukar hauhawar farashi ke nan, kuma da kin faɗa wa Kawu haka da bai musa ba.

Akwai kuma wani abu game da rahoton wannan wata musamman. A lokacin ne hukumar ta sake ma'auninta: ta canza jerin kayan da take bibiyar farashinsu da nauyin da take ba kowanne, ta kuma mayar da shekarar da take kafa lissafi a kanta daga 2009 zuwa 2024. Ke nan 34.80 da tsohuwar tiya aka auna ta, 24.48 da sabuwa. Wanda ya jera su a jimla ɗaya da "daga" da "zuwa" ya nuna kamar a wata guda abubuwa sun yi sauƙi da kashi goma, alhali canjin ma'auni yana da hannu a tazarar. Wannan bayani yana cikin sanarwar hukumar, sai dai ba shi ne kanun labari ba, kuma yawancinmu daga kanu muke kwafa.

Yanzu mu sake rubuta labarin tare, ki ga matakan.

Tambayar farko ita ce: cikin lambobin nan, wace ce nake so mai sauraro ya tashi da ita? Guda ɗaya za ki zaɓa. Na zaɓi 24.48, domin ita ce sabuwa. Tsofaffin biyu sun fita, tunda ba ma'auni ɗaya ba ne. Ta abinci, 26.08, tana dab da ta farko, don haka ba ta bukatar a kira ta da lamba, a ce "abinci ma haka, da ɗan ɗori" ya wadatar. Shekarun kuma su koma "bara" da "bana". Daga lamba shida mun dawo ɗaya.

Sai a sassaƙe ta. Ɗigo huɗu takwas ba shi da wani amfani ga kunne. 24.48 tana gab da 25, kuma 25 cikin 100 kwata ne, ɗaya cikin huɗu. To amma "kaya sun ƙaru da kwata" har yanzu maganar aji ce. Mayar da ita kuɗin da ake riƙewa a hannu. Ki nemi adadin da kwatansa ke fita cif, kamar naira 4,000. Ki buga a waya: 4,000 sau 1.2448 ya ba da 4,979. Kusan 5,000 ke nan, saura naira 21. Na abinci kuma 4,000 sau 1.2608 ya ba da 5,043. Kin ga dalilin da ya sa na ce ba sai an raba su ba. Ga yadda takardar za ta kasance:

"Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sabon rahoto kan tsadar rayuwa, kuma ta ce kaya suna ci gaba da tsada. Abin da magidanci ya saya naira dubu huɗu a Janairun bara, a Janairun bana sai ya biya kusan naira dubu biyar. Dubu huɗu bara, kusan dubu biyar bana. Kayan abinci ma haka, da ɗan ɗori. Wannan lissafi na ƙasa ne baki ɗaya, an haɗa abinci da haya da kuɗin mota da sauransu, don haka abin da kuke gani a kasuwarku yana iya fin haka ko ya gaza. Za ku ji ana cewa hauhawar farashi ta sauka. Ba arha kaya suka yi ba. Hukumar ta canza ma'aunin da take lissafi da shi a wannan wata, saboda haka ba a gwada adadin da na watan jiya kai tsaye."

Dubi tsarin. Sunan mai maganar ya zo da farko, domin mutum ya san tun daga fari cewa ba ke ce kika ƙirƙiro ba. A jarida ana iya ajiye "in ji hukumar" a ƙarshe, amma a rediyo kafin ki kai ƙarshe an riga an jingina miki maganar. Bayan sunan sai ma'anar labarin da kalmomi zalla, kaya na ci gaba da tsada, sannan lamba ta biyo baya ta tarar da kunne a shirye. Na maimaita lambar sau ɗaya, kuma da siffar da na fara faɗinta. Wasu suna maimaitawa da wata siffa dabam, su ce dubu huɗu zuwa dubu biyar, sannan su ce kashi ashirin da huɗu da rabi, sannan su ce rubu'i. A ganina wannan yana sa mai sauraro ya zaci lambobi uku aka ba shi. Idan editanki ya nace sai an ji adadin hukuma, sa shi a jimlarsa shi kaɗai bayan misalin: "A lissafin hukumar, wannan shi ne kusan kashi ashirin da huɗu da rabi cikin ɗari." Jimlar da ta ce lissafin na ƙasa ne kuwa, kar ki yarda a yanke ta don ƙarancin lokaci. Ita ce amsar tambayar Kawu, "a wace kasuwa?" Matsakaicin ƙasa ba farashin shinkafa a Argungu ko Kamba ba ne.

Takardar ta fi taki tsawo, na sani. Lambar da ta cancanci shiga shiri ta cancanci jimla uku ko huɗu. In babu wannan fili, gara a cire ta.

Bari na ɗan tsaya a kan mayar da kaso zuwa "ɗaya cikin kaza", domin a nan ne Bahaushe ya fi mu 'yan boko shiri. Masu sauraronki sun daɗe suna lissafin kaso, ba da "cikin ɗari" suke yi ba kawai. Manomin da ya yi noman damina ya san zakkarsa buhu ɗaya ce cikin goma. Wanda ya yi noman rani da inji da mai ya san tasa rabin haka ce, buhu ɗaya cikin ashirin. Ɗan kasuwa ya san zakkar kuɗi ɗaya ce cikin arba'in. Matan gida sun san tumunin takaba, ɗaya cikin takwas. Waɗannan su ne kashi 10, da kashi 5, da kashi 2.5, da kashi 12.5 cikin 100. Ki ce wa dattijo "kashi biyu da ɗigo biyar" ya yi miki shiru, ki ce "naira ɗaya cikin kowace arba'in, kamar zakkar kuɗi" ya riga ki kai wa amsa. Saboda haka ki rubuta wa kanki 'yar takarda ki manna a bangon ofis: 50 rabi, 33 ɗaya cikin uku, 25 ɗaya cikin huɗu, 20 ɗaya cikin biyar, 75 uku cikin huɗu, 66 ko 67 biyu cikin uku. Rabi da kwata kowa ya san su. Sulusi da humusi da ushiri kuwa, malamai da dattawa sun sani, amma yaron da ke tuƙa kabu-kabu a Jega ba lalle ba ne, don haka na fi son "ɗaya cikin uku" a bakin makirfo.

Kuma ki sa wa ɗayan nan jiki. "Manomi ɗaya cikin kowane biyar", "buhu uku cikin goma", "gida ɗaya cikin huɗu". Kunne yana riƙe abin da ido zai iya hangowa.

Wannan dabara tana da ramuka biyu, kuma na ga ƙwararru sun faɗa ciki. Na farko, idan kina gwada kaso biyu, kar ki canza adadin da ake kasawa. Kika ce "a nan ɗaya cikin goma, a can ɗaya cikin ashirin", wani zai ji ashirin ta fi goma ya ɗauka can ne abin ya fi yawa, alhali rabi ne. Ki ce "a nan biyu cikin ashirin, a can ɗaya cikin ashirin." Na biyu, rabo daban, ƙari daban. "Ɗaya cikin huɗu" rabo ne daga abin da ke akwai. Idan ƙari ne, sai ki ce "ƙarin ɗaya a kan kowane huɗu". A misalinmu dubu ɗayan da ta ƙaru kwata ce ta dubu huɗun bara, amma ɗaya cikin biyar ce ta dubu biyar ɗin bana. Duk lokacin da kika faɗi kaso, ki tambayi kanki: kason mene ne? In amsar ba ta cikin jimlar, jimlar ba ta gama ba.

Ita kanta kalmar "kashi" tana da nata rikici. A takardarki kin rubuta "kashi 34.80" ba "cikin ɗari". A jarida an saba, ana wucewa. Amma a Hausar baka "kashi uku" yana nufin an raba abu gida uku. Kika ce "kashi uku na manoman sun sami taki", wani zai ji rukuni uku, wani ya ji sulusi, ke kuwa uku cikin ɗari kike nufi, wato kusan babu wanda ya samu. Kar ki taɓa barin "cikin ɗari" a rediyo, ko da ya zama kin faɗe shi sau uku a minti ɗaya.

Sassaƙe lamba halal ne a wannan sana'a, da sharaɗin ki faɗi gefen da kika sassaƙa. "Kusan" na abin da bai kai ba ne. "Ya ɗan haura" ko "sama da" na abin da ya wuce ne. "Kimanin" da "wajen" suna ɗaukar kowane gefe. Don haka 24.48 kusan kwata ce, 34.80 kuma ta ɗan haura ɗaya cikin uku. Kashi 48 kusan rabi ne, ba rabi ba, kuma ko kusa ba "mafi yawa" ba ne. Akwai iyaka ga jan lamba: kashi 28 ba "kusan ɗaya cikin uku" ba ne, tazarar ta yi yawa, "kusan uku cikin goma" ya fi gaskiya. Ni dai abin da nake bi, idan sai na matsar da kaso fiye da ɗaya ko biyu cikin ɗari kafin ya zauna a kan rabi ko kwata ko sulusi, to na bar su na koma "kaza cikin goma".

Haka manyan lambobi. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kebbi mutum 3,256,541. Karanta shi cikakke ki ji: miliyan uku da dubu ɗari biyu da hamsin da shida da ɗari biyar da arba'in da ɗaya. Kalma goma sha bakwai, "da" shida a ciki, kuma kafin ki kai "ɗaya" an manta da "miliyan". "Kimanin miliyan uku da kwata" ya isar da saƙon, abin da aka zubar 6,541 ne kacal cikin sama da miliyan uku. Amma shekarar ba a zubar da ita. Dole a ji "a ƙidayar shekarar dubu biyu da shida", domin yaron da aka haifa a lokacin yanzu ya isa aure, kuma wanda ya ji adadin ba shekara zai ɗauka na yau ne.

Akwai lambobin da ba a taɓa su. Sakamakon zaɓe, lambar waya, ranar rufe rajista, farashin da hukuma ta yanke wa buhun taki, adadin maganin feshi da za a zuba a lita kaza ta ruwa, yawan mutanen da suka rasu a hatsarin kwale-kwale. Waɗannan a faɗe su cif, a hankali, a kuma maimaita. Haka nan idan abin da ake ƙirgawa kaɗan ne, kaso ba shi da wurin zama. Kebbi ƙananan hukumomi 21 gare ta. Idan abu ya shafi bakwai, ki ce bakwai cikin ashirin da ɗaya, in da hali ki kira sunayensu, domin mutumin Bagudo ba kashi 33.3 yake jira ba, so yake ya ji ko an ambaci Bagudo.

A wajen faɗin lamba cif ne Hausa take da wani tarko nata na kanta. "Dubu ashirin da biyar": 25,000 ne ko 20,005? "Dubu ɗari da hamsin": 150,000 ko 100,050? A kasuwa kowa zai ɗauki na farko, kuma daidai ne, tunda ba wanda ke cinikin naira biyar a kan dubu ashirin. Amma ranar zaɓe ƙuri'a 20,005 tana iya fitowa. A nan sai ki ce "ƙuri'a dubu ashirin, da ƙuri'a biyar", ki maimaita sunan abin da ake ƙirgawa domin ya raba su. Wasu kan ce "da guda biyar", shi ma ya yi.

Miliyan da biliyan kuma, harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma a ƙaramar rediyo mai raunin batir duk ɗaya suke fita. Wannan ni ya taɓa ci. Ina matashi a aikin, aka miƙo mini sanarwar wata ƙaramar hukuma kan gyaran rijiyoyin burtsatse minti kaɗan kafin labarai, an rubuta adadin da lambobi, sifili a jere kamar ƙwan zabi. Ina kan iska na tsaya ƙirga sifili da ido, na ƙirga ba daidai ba, na ce biliyan a inda ake nufin miliyan. Washegari mutanen garin suka cika sakatariya suna tambayar ina sauran kuɗin. Sai da muka yi gyara a labarai uku a jere, ni kuma na sha faɗan da har yau ina jin zafinsa. Tun daga ranar ban sake shiga situdiyo da lambar da ba a rubuta ta da kalmomi ba. Ke ma ki yi haka: a takardar da za ki karanta, rubuta "naira miliyan goma sha biyu", ba 12,000,000 ba, ba kuma alamar kaso ko ta naira. Ki ja layi a ƙarƙashin kalmar da za ki danna. In biliyan ce, ƙara mata "wato miliyan dubu" a karon farko. Rabin faɗuwar gaban da kike yi daga nan take, domin kina fassara lamba zuwa magana a daidai lokacin da jar fitila ke kunne. Idan an riga an fassara a takarda, karatu kawai ya rage.

Saura abu ɗaya da zai sake zuwa miki ba da daɗewa ba, wato idan kason kansa ne ya motsa. A watan Fabrairun 2020 harajin sayen kaya, wanda ake gani a ƙasan rasit, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100. Wani ya ce an ƙara kashi biyu da rabi, wani ya ce an ƙara kashi hamsin, kuma kowannensu yana da hujja: tazarar biyu da rabi ce, amma biyu da rabi rabin biyar ne. Mai goyon bayan gwamnati zai ɗauki ƙaramar, mai adawa ya ɗauki babbar. Ke kar ki ɗauki ko ɗaya. Ki ce, "A kayan naira dubu da harajin ya shafa, da naira hamsin ake biya, yanzu naira saba'in da biyar." Ba mai iya jayayya da wannan, kuma kowa ya yanke hukuncinsa.

Idan ƙarin ya wuce ɗari cikin ɗari kuwa, ki bar kaso gaba ɗaya. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024. A lissafi ƙarin kashi 133 ne cikin 100, kuma mai sauraro zai tsaya yana tunanin yadda za a ciro ɗari da talatin da uku daga cikin ɗari, ya rasa jimla biyun da suka biyo baya. "Daga dubu talatin zuwa dubu saba'in, wato ya ninka har da ƙarin dubu goma." Shi ke nan. Ki yi hattara da "ya ninka sau biyu", domin wasu biyu suke ji, wasu huɗu. Faɗin tsohon adadi da sabo yana kashe wannan gardama.

Yadda za ki gane ko takarda ta yi, ba a tebur ake ganewa ba, kuma kar ki gwada ta a kan furodusa, shi ya riga ya ga alƙaluman. Nemi wanda hankalinsa ke wani wuri, mai gadin tasha ko Inna tana tsintar shinkafa. Karanta masa sau ɗaya da saurin da kike yi a iska, kar ki nuna masa takardar. Ki yi wata hira ta minti biyu, sannan ki ce, "Me na ce game da kaya ɗazu?" Idan ya ce "wai abin dubu huɗu ya koma dubu biyar", ta yi. Idan ya ce "wai kaya sun sauka", kin kama kuskuren kafin Argungu ta kama shi. Idan ya ce "wasu lambobi dai kika faɗa", lambobin sun yi yawa, rage. Idan ya kawo lambar daidai amma ya ɗora ta a kan wani abu dabam, misali ya ce buhun shinkafa ne ya koma dubu biyar, to abin da ake ƙirgawa ne bai fito ba, sai ki matso da shi kusa da lambar. Ki lura kuma da inda numfashinki ya yanke ko harshenki ya sarƙe, ki sa aya a wurin ki raba jimlar biyu.

Furodusa kuma, kar ki je masa da alkawarin za ki gyara. Ɗauki rahoton kasuwa na makon nan ki rubuta shi iri biyu, yadda kika saba da kuma wannan hanya, ki karanta masa duka biyun yana rufe da ido, ki roƙi mako huɗu kafin ya yanke shawara. Ki ajiye ainihin alƙaluman a gefen takarda da jan biro, da sunan rahoton da watansa, saboda in mai kiran waya ya ce "nawa ne cif?" ki ba shi nan take.

Kawu kuwa, kira shi kafin shiri na gaba. Ba sai kin kare kanki ba, ki ce masa maganar ce ba ki fitar da ita daidai ba, ki ba shi misalin gulbi, sannan ki tambaye shi nawa ya sayi buhun taki da litar mai bara war haka, nawa ya saya bana. Rubuta abin da ya faɗa, ki nemi izininsa ki buɗe sashen kasuwa da shi, a matsayin abin da wani manomi a Argungu ya biya, sannan ki kawo na hukuma a bayansa. In nasa ya fi na hukuma yawa, ki faɗi haka, ki bar lambobin biyu kowace da sunan mai ita.